"Na Ba Ki Gidan Nan": Maganar Da Take Raba Zumunci Bayan Sadakar Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai wata magana da nake yawan ji a gidajen rasuwa a nan Kaduna, tun tabarmin zaman makoki ba a naɗe ba: "Ai marigayi ya ce gidan nan na wane ne." Mai faɗar yakan kasance da gaskiyarsa, domin marigayin ya faɗa ɗin. Amma faɗar ba ta isa ta fitar da gida daga cikin gado, kuma rashin sanin haka ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa, wasu kuma sun ci haram suna zaton haƙƙinsu ne. Tambayar da shari'a take yi ita ce: yaushe marigayin ya so abin ya bar hannunsa, yana raye ko bayan ransa? Idan yana raye ne, kyauta ce. Idan sai ya mutu ne, wasiyya ce, ko da shi da bakinsa ya kira ta kyauta. Kowace kuma da hukuncinta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ƙaddara wani dattijo ɗan kasuwa ya rasu a Tudun Wada. Iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, sai kuma jika maraya, ɗan wani ɗansa da ya rasu tun dattijon yana raye. Ya bar gidan da yake ciki wanda aka kimanta naira miliyan 30, da fili a Rigasa na miliyan 8, da kuɗi da kaya na miliyan 13. Da aka zauna, sai magana uku ta taso. Babban ɗa ya ce shagon Kasuwar Barci nasa ne, Baba ya ba shi shekara biyar da suka wuce. Hajiya ta ce Alhaji ya sha gaya mata, a gaban yara ma, "Na ba ki gidan nan." Sannan aka fito da takarda mai sa hannun shaidu biyu, inda ya rubuta cewa idan ya rasu a ba jikansa maraya filin Rigasa.

Maganar shago ba ta da wuya. Ranar da Alhaji ya ce ya ba ɗansa, lafiyarsa ƙalau, ya miƙa masa makulli, ya janye hannunsa. Tun daga ranar ɗan ne yake saro kaya, shi yake cin riba, shi yake ɗaukar asara, maƙwabtan shago kowa ya san haka. Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suke kira hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Shagon ya fita daga dukiyar Alhaji, ba ya shiga gado, kuma ba za a rage wa ɗan komai daga rabonsa saboda shi ba. Sai dai ina tsorata iyaye da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta ya je neman Manzon Allah (SAW) ya zama shaida. Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin haka, ya ce a'a, sai ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Kyauta tana iya tsayawa a gaban alƙali, amma mai ita ya tarar da tambaya a gaban Allah.

Maganar Hajiya ita ce mai ciwo, kuma a kanta nake so mu daɗe. Ba ƙarya take yi ba. Mijinta ya faɗa, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma bai taɓa fita daga gidan ba. A nan turakarsa take, a nan ya yi jinya, daga nan aka ɗauki gawarsa. A mazhabarmu, miji ya ba matarsa gidan da suke zaune a ciki sannan ya ci gaba da zama, ba a lissafa shi hauzi, saboda shi ne mai alhakin ba ta wurin zama, don haka zamansu tare bai nuna cewa gidan ya bar hannunsa ba. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu kuwa, ta koma gado. Wannan hukunci yana nan a sarari a cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure.

Duk wanda ya ji hukuncin ya yi masa tsauri, ya tuna Sayyidina Abubakar. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ya ba 'yarsa Nana A'isha dabino wasƙi 20 daga gonarsa ta Gaba. Ba ta kai ga girbewa ba har ciwon ajali ya kama shi. Sai ya kira ta ya ce mata, da ta girbe ta kwashe da ya zama nata, amma yanzu dukiyar magada ce, su raba bisa Littafin Allah. Uwar Muminai ce fa, 'yar da ya fi so ya ga ta wadata a bayansa, amma bai ce tun da ya riga ya furta shi ke nan ba.

To, idan wani ya ce a ɗauki maganar Alhaji a matsayin wasiyya fa? Nan ma ƙofa a rufe take, domin Hajiya magajiya ce, kuma Annabi (SAW) ya ce Allah ya riga ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, babu wasiyya ga magaji. Hanya ɗaya ta rage: 'ya'yan su yarda da kansu bayan rasuwar. Shi ma wanda ya yarda, daga kasonsa kaɗai ya bayar, ba zai yafe na ɗan'uwansa ba. Idan kuma a cikinsu akwai ƙaramin da bai balaga ba, ba wanda ya isa ya yafe a madadinsa, ko kawu ko yaya. Ina roƙon dattawan da ake kira zaman rabo, don Allah kada a tsare 'ya'ya mata a ɗaki cike da maza a ce "kun yarda ko?" Abin da aka karɓa da kunya ba yarda ba ne.

Da Alhaji ya so matarsa ta mallaki gida da gaske, da sai ya ba ta wanda ba ya ciki, ya kira shaidu adilai, ya sakar mata makulli da takardu, ita ta riƙa karɓar kuɗin haya, a je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a bi matakan mayar da takarda zuwa sunanta. Kuma a yi haka ana da lafiya. Kyautar da mutum ya yi yana kwance cikin ciwon da ya zama ajalinsa hukuncin wasiyya gare ta: idan ga magaji ce ba ta wucewa sai da yardar saura, idan ga wani ne daban ba ta haura sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Shi ya sa takardun da ake kai wa majinyaci a gadon asibiti ya dangwala ba sa yin aikin da masu kai su suke zato.

Saura jika. Mutane da yawa suna ɗauka zai gaji kason mahaifinsa da ya rasu. Ba haka ba ne: muddin marigayi ya bar ɗa namiji a raye, jika ba ya gado, baffanninsa sun kare shi. Da Alhaji ya mutu bai rubuta komai ba, yaron nan ba shi da ko sisi sai abin da aka ji tausayinsa aka ba shi. Amma rashin gadon nasa shi ne ya sa wasiyyar ta halatta, tunda ba magaji ba ne. Sharaɗin kawai kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, iyakar da Annabi (SAW) ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya ce sulusin ma da yawa.

Yanzu ga lissafin. Dukiyar duka miliyan 51 ce. Ba a fara da magada. Ana fara fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, kuma ragowar sadakin mata idan ba a biya ba yana cikin bashi. Mu ce waɗannan sun ci miliyan 3, saura 48. Sulusin 48 shi ne 16, filin Rigasa kuma miliyan 8 ne, bai kai iyaka ba, saboda haka jika ya ɗauki filinsa cif. Da gidan miliyan 30 aka yi masa wasiyya da shi, da darajar miliyan 16 kaɗai za ta wuce, sauran sai magada sun amince. Abin da ya rage na rabo miliyan 40 ne. Hajiya tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, saboda mamacin ya bar 'ya'ya, wato miliyan 5. Miliyan 35 da ta saura a kasa ta gida 7, namiji ya ɗauki biyu, mace ɗaya, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta yanke. Kowane ɗa namiji miliyan 10, kowace 'ya mace miliyan 5.

Ku dubi tazarar: Hajiya ta kwana da zaton gidan miliyan 30, ta tashi da 5. Ba 'ya'yanta ne suka zalunce ta ba, kuma ba alƙali ba ne. Miji ne ya yi niyyar alheri bai tambayi yadda ake cika ta ba. Wallahi abin yana damuna, domin tambaya ɗaya ga malamin unguwa da ta isar.

Ga mai son rubuta wasiyya, a lura da abin da ya tsirar da ta jikan nan: shaidu. Takardar da mutum ya rubuta ya jefa cikin akwati, bai sa kowa ya shaida ba, bai ce a zartar ba, malamanmu ba sa aiki da ita ko da an gane rubutunsa, domin mai yiwuwa ya sake shawara. Wasiyya ana iya canza ta ko a soke ta kowane lokaci kafin mutuwa, don haka babu dalilin jinkiri, kuma hadisin Ibnu Umar ya hana mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce ba. A fara da bashin da ake binka da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka. Sannan ka duba waɗanda gado ba zai kai gare su ba: jika maraya, agola, ɗan riƙo, yaron shagon da ya yi maka hidima shekara ashirin. Ka ambaci abin da sunansa da inda yake, ka sa kwanan wata, shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a ciki su sa hannu, ka ajiye kwafi ɗaya a hannun wanda ba ya cikin magada.