Ku daina koya wa yara zagin kansu

Wannan bidiyon da ke yawo tun shekaranjiya, na mutumin da aka gayyato wata cibiyar lesin a nan Jos ya yi wa ɗaliban JAMB jawabi, na san kun gan shi. Wai kowa ya je gaban madubi da asuba ya ce wa kansa "kai rago ne, kai abin kunya ne", wai ta haka zuciya ke tashi. Aka yi ta tafi. Ni ban ga abin tafi ba. Raina ne ya ɓaci, domin na ga ƙarshen wannan shawara a cikin gidanmu, a kan 'yar yayana, kuma ba zuciya ta tayar mata ba, kwantar da ita ta yi.

Zagin kai ba ya sa karatu. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da kimistiri, ban taɓa ganin ɗalibin da ya zagi kansa har ya gane lissafin da ya shige masa duhu ba.

Yarinyar nan ta ci 168 cikin 400 a JAMB. Da sakamakon ya fito ba wanda ya ce mata uffan, babanta ma cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ita ce ta zama alƙalin kanta, ta kuma zama ɗan doka. Ta samu takarda ta rubuta "ke daƙiƙiya ce, kin ci amanar Baba", ta manna a jikin bango saitin katifarta. A ƙasa ta zana jadawali: tashi ƙarfe 3 na dare, karatun awa 10 kullum, ba waya, ba fita, ba hira. Duk wanda ya san sanyin Jos ya san abin da tashin ƙarfe 3 yake nufi. Ta yi kwana biyu. A na uku ta makara har rana ta fito, ta buɗe ido, abin da ta fara gani shi ne takardar nan tana gaya mata ai dama an faɗa. Daga ranar sai da ta yi mako biyu ba ta buɗe littafi ba. Ta share gida, ta yi wanke-wanke, ta yi wa ƙannenta kitso, komai dai ban da littafi. Mahaifiyarta ta kira ni tana cewa yarinya ta sangarce.

Ba sangarta ba ce, gudu ne. Idan duk lokacin da ka buɗe littafi ka kasa tambaya ɗaya sai wata murya ta ce maka "ka gani ko, ba ka da amfani", to littafin ya zama bulala, kuma ba mai hankalin da zai riƙa kai kansa wajen bulala da ƙafarsa. Jiki ba ya tambaya ko zagin daga waje ya zo ko daga ciki. Gaba ya faɗi, numfashi ya ɗaga, hankali ya koma kan yadda za a tsira, alhali karatu yana son natsuwa. Da ka rufe littafin sai ka ji sanyi a ranka, wannan sanyin kuma shi ke koya maka ka sake rufewa gobe. Jibi laifin ya ninka, zagin ya ƙaru, littafin ya ƙara nauyi. Daga nan sai mutum ya yanke cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda bai karanta ba yana da abin fakewa idan ya faɗi, wanda ya karanta ya faɗi kuwa, a ganinsa an tabbatar da daƙiƙancinsa.

Wannan ba hasashena ba ne. A 2010 Michael Wohl da abokan aikinsa a Jami'ar Carleton ta Kanada sun bi ɗaliban shekarar farko tsakanin jarrabawa biyu. Waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin ta farko, su ne suka rage jan ƙafa kafin ta biyu. A 2012 kuma Juliana Breines da Serena Chen a Jami'ar California da ke Berkeley sun ba ɗalibai gwajin kalmomi mai wuyar gaske, suka sha ƙasa. Aka gaya wa wasunsu cewa mutane da yawa na shan wuya a irin wannan gwaji, kada su tsananta wa kansu. Da aka ba kowa damar yin bita kafin gwaji na biyu, waɗannan da aka lallasa su ne suka fi daɗewa a kan bitar. Ku lura, ba a ce musu sun yi ƙoƙari ba, ba a yi musu ƙarya ba. Bulalar kawai aka janye, sai suka iya zama da abin da ya kayar da su.

Na san masu cewa "mu da duka da zagi aka raine mu, ga mu mun zama mutane". To, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ku ƙirga 'yan ajinku na firamare da suka gudu daga makaranta saboda wannan dukan, su ba sa zuwa su ba da labari. Masu cewa tausaya wa kai al'adar Turawa ce kuwa, su koma islamiyya. An kawo wa Annabi (SAW) mutumin da ya sha giya, aka hukunta shi, wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Hukuncin yana nan, la'antar ce aka hana. A wani hadisin na Nana A'isha an hana mutum ya ce ransa ya ƙazanta, an ce ya zaɓi kalma mai sauƙi. In kalmar da za ka siffanta ranka da ita ma an kula da ita, ina ga tsayawa gaban madubi kana tsine wa kanka?

Tuba kanta ku duba yadda aka gina ta: ka yi nadama, ka bar laifin, ka ƙudura ba za ka koma ba. Babu sharaɗin ka ƙi jinin kanka. Nadama tana cewa "na yi kuskure", tana nuna aiki, aiki kuwa ana gyara shi. Ƙyamar kai tana cewa "ni ne kuskuren", to wannan ta ina za a fara gyara? Nan mutumin bidiyon ya ɓata, ya haɗa biyun ya sayar wa yara.

Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda ta fara auna wannan abu a 2003, ta ce tausaya wa kai ƙafa uku gare shi: ka kalli ciwon yadda yake ba ƙari ba ragi, ka tuna ba a kanka aka fara faɗuwa ba, sannan ka yi wa kanka magana irin wadda za ka yi wa wanda kake so. Ban karanta wa yarinyar nan wannan ba. Na je gidan ne ranar Asabar, na zauna bakin katifarta, na ce ta karanta min takardar bangon da ƙarfi amma ta sa sunan ƙanwarta a ciki. Ta kasa. Ta ce, "Haba Gwaggo, ai ba zan iya ce mata haka ba." Na ce, "To 'yata, ke wa ya halatta miki ki ce wa kanki?" Ta yi kuka sosai, na bar ta ta yi.

Da ta share hawaye na ce ta kawo sakamakon. Kun san tun ranar da ya fito ba ta sake kallonsa ba? Jimillar kawai ta riƙe, 168, tana dukan kanta da ita. Muka duba: Turanci 52, bayoloji 55, kimistiri 38, fiziks 23. Na ce ina daƙiƙiyar take? Darussa biyu sun haura rabi. Ɗaya yana ɗingishi. Ɗaya ne ya karye. Zagin ya ce komai ya lalace, takardar kuwa ta ce fiziks ne. Wannan shi ne abin da tausayi ke ba ka wanda tsanani ba zai taɓa ba ka ba, wato ƙarfin halin kallon inda ka faɗi da kyau har ka ga girmansa na gaskiya.

Muka yage jadawalin awa 10. Muka ce tambayoyin fiziks 10 daga na shekarun baya, kullum bayan la'asar, shi ke nan. Kowace ta faɗi, ta rubuta dalili a gefe: ban san dokar ba, ko na san ta lissafi ya kuɓuce, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan mako ɗaya sai ga shi yawancin faɗuwar na kashi na biyu ne. Ta san dokokin, juya lissafi ne ke kayar da ita, da mayar da santimita zuwa mita, da giram zuwa kilogiram. Abin da muka gyara a zama uku, shi ta ɗauka hukunci ne a kan ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya. Muka kuma yi yarjejeniya a kan ranar da za ta tsallake, don dole za a yi ranar. Ba ramuwa, ba tambaya 20 washegari, ba hana kai abinci. Ta ce "jiya ban yi ba", ta ɗauko 10 na yau. Ta tsallake sau da dama, amma ba ta ƙara yin mako biyu ba, domin yanzu komawa ga littafin ba ya buƙatar ta fara ratsawa ta kotu. Da tana cin 3 cikin 10, yanzu 6, wani lokaci 7. Ba ta sake zana jarrabawar ba tukuna, kuma ban yi wa kowa alkawarin maki ba.

Za a ce to ai wannan ƙofa ce ta lalaci, kowa ya ce yana tausaya wa kansa ya ja bargo. Bambancin ba ya da wuyar ganewa. Mai neman uzuri yana cewa ba komai, laifin malami ne, laifin kwamfuta ne, sai maganar ta mutu a nan. Mai tausaya wa kansa yana kiran kuskuren da sunansa, kuma kafin ya tashi ya san abin da zai yi gobe da ƙarfe nawa. Idan tausayinka bai ƙare da wani aiki ba, uzuri ne. Uwa mai son ɗanta ba ta fasa ba shi magani don yana da ɗaci, ba ta dai zaginsa yayin da yake haɗiya.

Akwai kuma inda maganar Gwaggo ba ta isa. Yaron da ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ko ya fara cewa gara ma ba ya duniya, wannan ba jadawali yake buƙata ba. A kai shi asibiti, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kada a jira. Irin wannan yaron na iya kasancewa cikin waɗanda suka zauna a ɗakin nan ana gaya musu su je madubi su kira kansu abin kunya. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Sannan masu cibiyoyin lesin, kuɗin da kuke ba masu jawabi da kun sayi kwamfuta ko biyar. Jarrabawar nan tambaya 180 ce cikin awa 2 a kan kwamfuta, amma ina da ɗalibai daga Anguwan Rogo da Rikkos da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Wata ta gaya min minti goman farko hannunta rawa kawai yake. Ku gyara tagogin ajin ma, yara na zaune cikin iskar hunturu suna rubutu da hannu a cikin rigar sanyi.