"A yi haƙuri" kaɗai ba ta biyan bashin alƙawari

Imel ɗin da masu ɗinkin kayan makarantarmu suka aiko jiya ya fi jinkirin kansa ɓata mini rai. Mun ba su aikin riga da wando na ɗalibai 200, mun biya rabin kuɗi kafin alƙalami, aka tsayar da ranar kawowa mako guda kafin a dawo daga hutu. Sai da kwana tara suka wuce, iyaye suna ta sintiri a ofishina, sannan saƙo ya iso mai layi biyu: a yi haƙuri, an samu matsala, kaya na nan tafe in sha Allahu.

Duk wanda ya saɓa ranar da ya ɗauka, ba haƙuri kaɗai ake binsa ba, ana binsa sabuwar rana da kuma abin da zai rage wa mai kaya asara. Da sun san aikinsu, da tun ranar da suka ga yadi bai iso daga Kantin Kwari ba za su rubuto, kafin wa'adi ya cika. Su sa lambar odar a kan saƙon, su amsa laifi a jimlar farko, su faɗi dalili a jimla ɗaya ba tare da ɗora wa direba ko mai yadi ba, sannan su ce: "Mun kammala guda 120, za mu kawo su ranar Alhamis, kuɗin mota a kanmu. Ragowar 80 za su iso ranar Litinin ta sama, kuma mun rage kashi 10 cikin 100 na kuɗinsu. Idan hakan bai yi muku ba, za mu mayar da kuɗin ragowar cikin kwana uku." Da saƙo irin wannan zan iya tsayawa gaban iyaye in ce 'yan aji ɗaya za su fara karɓa, sauran su jira Litinin.

Na san za a ce ba wuta, dizal ya yi tsada, ragi kuma zai cinye riba. Duk gaskiya ne, amma rubuta rana ba ya cin dizal, kuma wanda ba zai iya ragi ba yana iya ɗaukar kuɗin mota ko ya ɗaga mana lokacin biyan cikon kuɗi. Sharaɗin kawai shi ne ranar da za a rubuta ta zama wadda aka tabbatar, har da ƙarin kwana biyu na ko-ta-kwana, domin saɓawa ta biyu ita ce ke raba ciniki.

Abin da ya ƙara damuna shi ne an rufe saƙon da "Hukumar Gudanarwa", babu sunan mutum, babu lambar waya. Har yanzu ban san wanda zan kira in tambaya ko an ma yanka yadin ba.