Labulen rashin sani a tunanin John Rawls

“Ashe ba cewa Rawls ya yi a raba dukiya daidai wa daida ba?”

A'a, kuma wannan kuskuren yana damuna, domin yana ɓata asalin hujjar. A littafinsa na 1971, Rawls, masanin falsafa ɗan Amurka, ya ce mu ɗauka za mu tsara dokokin al'umma a bayan labule, ba mu san ko mawadata za mu zama ko matalauta ba, masu lafiya ko masu naƙasa.

A ce tsari biyu ne a gabanka. A na farko kowa na samun 10. A na biyu wasu na samun 40, na ƙasa kuma 15. Wanda ke bayan labule zai zaɓi na biyu, domin ko ƙasa ya faɗa, 15 ta fi 10. Amma da rabon na ƙasa ya sauka zuwa 6, zai ƙi tsarin ko da na sama sun kai 100. Ke nan bambanci halas ne muddin ya fi amfanar wanda ke can ƙasa. Kafin nan ma akwai sharaɗi: 'yancin kowa, kamar na magana da na addini, daidai yake, kuma ba a musayarsa da ƙarin arziki.