Farashin dalar baɗi lissafin kuɗin ruwa ne, ba duba ba

Duk lokacin da banki ya yanka wa ɗan kasuwa farashin da zai sayar masa da dala nan da shekara guda, sai a ji ana cewa bankin ya hango faɗuwar naira. A ganina wannan fahimta kuskure ce, domin farashin yana fitowa ne daga abubuwa uku da kowa ya sani a yau: canjin yau, kuɗin ruwan naira da kuɗin ruwan dala. Masana tattalin arziki suna rubuta ƙa'idar haka, inda F ke nufin farashin dalar baɗi, S canjin yau, i₦ kuɗin ruwan naira, i$ kuma kuɗin ruwan dala:

```
F = S × (1 + i₦) / (1 + i$)
```

A ɗauka, a misali, dala tana kan naira 1,500, ajiyar naira tana ba da kashi 20 cikin ɗari a shekara, ta dala kuma kashi 5. Mai naira 1,500 zai tashi da 1,800 a ƙarshen shekara, mai dala ɗaya kuma da dala 1.05. Tunda jarin ɗaya ne, dole sakamakon ya zo daidai, saboda haka a raba 1,800 da 1.05, a sami kusan naira 1,714.

Abin da ke tsare wannan farashi shi ne kwaɗayin riba. Da wani banki zai yi alkawarin sayar da dalar baɗi a kan 1,600, sai mai wayo ya ranto dala 1,000, ya canza ta zuwa naira miliyan 1.5, ya ajiye har ta zama miliyan 1.8, alhali tun ranar farko ya ƙulla yarjejeniyar sayen dala a kan 1,600. Zai karɓi dala 1,125, ya biya bashin 1,050, ya tsira da 75 ba tare da ya sa ko kwabonsa ba. Da zarar mutane sun yi rububin wannan ciniki, farashin zai hau har ribar ta ƙare. Idan yarjejeniyar ta wata uku ce, sai an fara raba kuɗin ruwan biyu gida huɗu.

Sai dai lissafin ya dogara ne a kan cewa kuɗi na shiga da fita ba shamaki, kuma wanda ya yi alkawarin dala zai cika. Nan ne abin ya fi damuna. A 2023 Babban Bankin Najeriya yana ɗauke da alkawuran dala na kimanin biliyan 7 da wa'adinsu ya cika ba a biya ba, sai a watan Maris na 2024 ya sanar da biyan waɗanda ya tantance. Mai shigo da kaya da ya ba da nairarsa yana jiran dala ya ga kariyar da ya saya ba ta kare shi a kan lokaci ba.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin farashin da ya yi ƙasa sosai da abin da lissafin ya bayar, ya kamata kafin ya sa hannu ya tambayi wanda zai kawo dalar da ranar da za ta shiga asusunsa.