Hoton Mita da Takardar Ruwa

Da takardar ruwan gidanmu na Yelwa a Garwa ta iso, sai na ga an rubuta tsohon adadi 0412, sabo kuma 0429, wato mun sha kubik 17, a gidan da ko buta ake cikawa sai uwargida ta sa ido. Nan take na tura ɗan yayata ya ɗauko mini hoton mita da wayata.

Hoton ya fito tsaf: baƙaƙen lambobi 0421, jajaye 386. Baƙaƙen su ne kubik, kuma su kaɗai ake lissafawa, jajayen nan uku kuwa lita ne da ba su kai kubik ba, tunda kubik ɗaya lita 1000 ne, wato jarka 50 mai lita 20. Na cire 412 daga 421, saura 9. Farashin da aka buga a takardar kashi biyu ne: kubik 10 na farko a kan sefa 293 kowanne, abin da ya haura goma kuma a kan 364. Tara bai fita daga kashin farko ba, saboda haka kuɗina 2637 ne kafin a ɗora hayar mita da haraji. Su kuwa sun lissafa goma sau 293, ya ba su 2930, suka ƙara bakwai sau 364, wato 2548, jimla 5478. Babbar hujjata ita ce mita ba ta komawa baya, to yaya za a ce ta kai 0429 ranar da mai karatu ya zo, alhali bayan tafiyarsa tana nuna 0421?

Na sa babbar riga na nufi ofishin ruwa. A layi na haɗu da wani dattijo mai jar hula, wanda ya karɓi takardata ba tare da na miƙa masa ba, ya rantse cewa da zarar mutum ya wuce goma to dukkan ruwansa a kan 364 ake lissafawa. Na ce masa, "Baba, da haka ne da 6188 suka rubuta, ga shi kuwa 5478 ne, bambancin 710 ɗin nan ai rangwamen sefa 71 ne a kan kowane kubik na goman farko." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi tun ban san famfo ba yake biyan kuɗin ruwa. Daga nan ya koma kan hotona, ya haɗa baƙi da ja ya karanto su a matsayin kubik dubu ɗari huɗu da wani abu, ya shaida wa layi cewa yaron nan ya shanye kogin Binuwai. Na yi masa bayanin jajayen lambobi cikin ladabi, mutane suka gyaɗa kai, ni kuma na ƙara gyara hula.

Da na isa gaban ma'aikaciyar, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, na jero lissafina tun daga 412 har zuwa 2637, na kuma maimaita maganar komawa baya. Ba ta katse ni ba. Ta karɓi wayar, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta wuce baƙi da ja gaba ɗaya, ta tsaya a kan wasu ƙananan lambobi da ke jikin mitar. Sai ta ɗora yatsa a kan lambar mita da ke takardata, ta ce, "Malam, karanta wannan, sannan ka karanta wancan." Na karanta. Ta ce in sake, da ƙarfi, kamar yadda na yi ɗazu. Lambobin ba su yi kama ba ko ta wutsiya. Ta ce, "Lissafinka daidai ne ƙwarai, Malam, sai dai ka yi wa maƙwabcinka ne."

Mitarmu da ta Alhajin gefe suna jere a gindin katanga, an kuma ɗaura su kusan lokaci ɗaya, shi ya sa adadinsu bai yi nisa da juna ba, yaron nan kuwa wadda ba ta da ƙura ya zaɓa. Dattijon, wanda minti kaɗan da suka wuce bai san lita daga kubik ba, ya yi dariya har hularsa ta karkace, yana cewa, "Ai na faɗa muku!" Me ya faɗa? Duk abin da ya faɗa kuskure ne, amma shi aka bi da kallon girmamawa, har wata Hajiya ta miƙa masa tata takardar ya duba mata. Na ji da kunnena yana ninka mata komai da 364.

Na biya, na dawo na goge tamu mitar da gefen riga, na tarar da 0431. Yaron ya ce shi dai mita aka ce masa. Alhaji kuma da labari ya kai masa, sai ya aiko yana tambaya ko hoton yana nan, wai yana son ya duba tasa takardar.