Kafin ka danna Send: abin da zaman Ingila ya koya mini game da wasiƙar kasuwanci

Ƙanena yana harkar soborodo a kasuwar Dawanau, ni kuma ina aiki a sashen sayen kaya na wani kamfani a Leeds. Kwanakin baya ya turo mini wani imel da ya rubuta wa wata mai sayen kaya a nan Ingila, ya ce, "Yaya, duba mini kafin in tura, kar su raina ni." Mu ce sunan matar Helen Brown, don ba zan faɗi sunanta na gaskiya ba. Ga abin da ya rubuta:

```
Dear Mr Helen ,
Hope you are fine and your family. Am writing to inform you that the goods is ready , we can ship on 03/04 kindly revert with the informations.
Your's Faithfully
```

Ban yi masa dariya ba, domin irin wannan na rubuta a watannina na farko a nan. Kuma ra'ayina shi ne, a cikin kurakuran da ke wannan 'yar wasiƙa, na nahawun su ne ƙanana. Baturen da ke ciniki da 'yan ƙasashen waje ya saba ganin Turancin da ya karye, yana wucewa kawai. Layin farko ne yake tsaya masa a rai, kuma shi ne layin da na'urar gyaran rubutu ba ta ja masa jan layi.

Dubi gaisuwar. Kuskure biyu ne a kalma uku. Na farko, ya mayar da mace namiji. Mu da kanmu mun san zafin wannan: a ce wani ya rubuto wa Hajiya Binta ya kira ta Alhaji, ai ba za ta karanta sauran da daɗin rai ba. Na biyu, ya haɗa laƙabi da sunan yanka. A gida wannan shi ne ladabi. Malam Sani muke cewa, Alhaji Garba, Hajiya Rabi, kuma da muka koma Turanci sai muka ɗauki tsarin muka tafi da shi, har ofisoshinmu suka cika da Mr John da Mrs Grace. A nan kuwa laƙabi da sunan iyali yake tafiya. Ko dai ka rubuta `Dear Ms Brown,` ko ka ajiye laƙabin gaba ɗaya ka rubuta `Dear Helen,`. Ka lura da `Ms` ɗin. Shi ake sa wa mace idan ba ka san ko tana da aure ko ba ta da shi ba, kuma a harkar aiki ba hurumin kowa ba ne ya bincika. Idan ita da kanta ta sa `Mrs` ko `Dr` a ƙasan wasiƙarta, sai ka bi abin da ta sa.

Wannan ma shi ne abin da nake fara yi kullum: in buɗe wasiƙar da mutumin ya turo mini ta ƙarshe, in gangara ƙasa, in ga yadda ya rubuta sunansa. Harafi bayan harafi nake kwafowa, saboda akwai Ann akwai Anne, akwai Stephen akwai Steven, kuma mai sunan ba ya ganin bambancin a matsayin ƙaramin abu. Ni da ake rubuto mini sunana a karkace kusan kowane mako, na san yadda abin yake sosa rai ko da mutum bai ce uffan ba. Idan sunan bai nuna maka mace ce ko namiji ba, irin su Alex da Sam, ka rubuta cikakken sunan ba tare da laƙabi ba, ka huta.

Sai maganar tambayar lafiyar iyali, wadda a kanta muka ɗan yi gardama da ƙanen nawa. Ya ce, "Haba Yaya, in faɗa mata maganar kaya haka nan ba gaisuwa, sai ka ce na zo karɓar bashi?" Gaskiyarsa a wani ɓangaren. A Kano ba ka shiga shagon mutum ka tambayi farashi kafin ka ce ina kwana, ya gida, ya kasuwa. Wanda ya yi haka ba shi da tarbiyya, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kan wannan ba. Amma abin da na gani a nan shi ne, girmamawar tana nan, wurin zamanta ne ya bambanta. Matar da za ta buɗe wasiƙu da yawa kafin azahar, girmama ta shi ne ka kira sunanta daidai, ka faɗi abin da ya kawo ka a layi na farko ko na biyu. Tambayar iyalin wanda ba ka taɓa gani ba kuwa, wasu suna jin kamar ka leƙa musu cikin gida ne. Idan zuciyarka ba za ta yarda ka wuce ba gaisuwa ba, layi ɗaya ya isa, `I hope you are well.`, shi ke nan.

Kar a ce na zama Bature, abin yana juyawa. Wani abokin aikina ya taɓa nuna mini wasiƙar da zai tura wa wani dattijon ɗan kasuwa a Najeriya, ya fara da `Hi` da sunan yankan mutumin tsirara. Na ce masa ya tsaya. Mutumin da ya haife ka, wanda duk kasuwa ke kira Alhaji, ba ka kiransa kamar abokin wasanka. Muka mayar da shi `Dear Alhaji` da sunansa, muka ƙara layin gaisuwa. Shi ma dokar ƙasarsu ya ɗauko ya kai inda ba ta aiki, kamar yadda ƙanena ya yi.

Daga kan wasiƙa nakan tsallaka kai tsaye zuwa ƙasanta, ban taɓa tsakiya ba tukuna, saboda gaisuwa da sallama ɗanjuma ne da ɗanjummai. A tsarin Turancin Ingila, wanda shi aka koya mana a makarantun Najeriya, `Yours faithfully` na wanda ba ka ambaci sunansa ba ne, wato wanda ka buɗe masa da `Dear Sir or Madam`. Da zarar ka kira suna a sama, `Yours sincerely` ne abokin tafiyarsa. Ƙanena ya kira suna sannan ya rufe da sallamar baƙo. Ya kuma sa ɗan waƙafin sama a cikin `Yours`, alhali kalmar ba ta da shi, kuma ya ba kalma ta biyu babban baƙi, alhali ta farko ce kaɗai ke da shi. A imel na yau da kullum dai, yawancin abin da ke shigo mini da `Kind regards` ko `Best regards` yake ƙarewa. Su biyun nan ba sa ɓata wa kowa rai, kuma suna tafiya da kowace irin gaisuwa. Ƙarƙashinsu sai cikakken suna, da sunan kamfani, da lambar waya mai ɗauke da +234 a gaba, don wanda ke Ingila ba zai same ka da lambar da ta fara da sifili ba.

Alamomin rubutu kuwa, abu biyu nake dubawa. Waƙafi da aya manne suke da kalmar da ta gabace su, tazarar tana zuwa ne bayansu. Mutanenmu da yawa da ke rubutu a waya suna barin fili kafin waƙafi, kuma ido yana kama shi nan take. Na biyu, a ga ko jimla biyu ko uku ne aka ɗinke wuri ɗaya. A wasiƙar ƙanena maganganu uku ne: kaya sun kammala, za a iya lodi rana kaza, ina buƙatar bayani. Ya zuba su a numfashi ɗaya. Yadda ake gane wannan shi ne a karanta da ƙarfi, a ji inda magana ta cika ta tsaya da ƙafarta, a sa aya a wurin. Sauran ƙananan bambance-bambance ba sa ɗaga mini hankali. Amurkawa suna sa aya bayan `Mr.`, 'yan Ingila galibi ba sa sawa, kuma a wasiƙar aiki Amurkawa kan sa ruwa biyu bayan gaisuwa maimakon waƙafi. Kowanne ka ɗauka, ka riƙe shi har ƙarshen wasiƙar. Kwanan wata ne dai ba na wasa da shi. 03/04 a Kano da Leeds 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, kuma wasiƙar kaya tana iya zagayawa hannun mutane da yawa. Ka rubuta sunan watan da haruffa.

Sai a ƙarshe nake zuwa nahawu, kuma ba dukan nahawu nake farauta ba, kurakuran da na san namu ne nake nema. `Am writing` ba jimla ba ce sai da `I` a gabanta. `Goods` jam'i ne, `are` yake ɗauka. `Information` da `equipment` da `advice` ba sa karɓar `s` ko da sun cika buhu. Sannan `revert`, wadda ofisoshin Najeriya ke nufin "ba ni amsa" da ita, a kunnen mafi yawan mutanen nan ma'anarta komawa yadda abu yake a da. `Reply` ta wadatar. Amma da na zo kan `informations` sai na ga gyaran harafi ba zai magance matsalar ba. Na kira ƙanena na ce, wane bayani kake so ta turo? Ya ce adireshin da za a kai kayan. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ga yadda wasiƙar ta koma:

```
Dear Ms Brown,

I hope you are well. The hibiscus is ready, and we can ship it on 3 April. Please send me the delivery address by Friday.

Kind regards,
```

Wata dabara da na koya bayan na sha kunya: gurbin `To` shi nake cikewa a ƙarshe. Na taɓa tura wa wani babban abokin cinikinmu wasiƙa rabi, ba sallama ba suna, don yatsana ya zame. Tun daga ranar, sai na gama duba suna, da sallama, da alamomi, da takardar da na ce na liƙa, sannan nake sa adireshi.

Ƙanena ya karanta gyararriyar ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ba ta yi gajarta ba kuwa?" Na ce tura a haka. Washegari amsa ta zo, layi biyu da adireshin, ta buɗe da `Hi` da sunansa na yanka, ta rufe da `Helen` kawai. Ya sake kira na yana tambaya ko fushi ta yi. Na ce a'a, izini ne ta ba ka, wasiƙa ta gaba ka rubuta `Dear Helen,`. Ya ce shi dai zai ƙara mako guda a kan Ms Brown tukuna.