Ba sifikar ba ce ta lalace, saiti ne

Wallahi abin da ya faru da Baba jiya a Ƙofar Ƙaura ya ɓata min rai. Dattijo ya kai waya don muryar malami a tafsiri tana fitowa kamar daga cikin rijiya, mai gyara ko saurare bai yi ba ya ce sifika ce, a kawo kuɗi a canja. Da na karɓa na shiga Sound quality and effects, sai ga Dolby Atmos, saitin da ke faɗaɗa sauti, a kunne, a kan Movie, wato na kallon fim. Ina kashewa murya ta dawo garau. Sifika lafiyarta lau.

Ku fahimci aikin abin nan. Sautin sitiriyo hannu biyu ne, hagu da dama. Abin da ya zo iri ɗaya a duka biyun shi ne kake ji a tsakiya, kuma a nan muryar mai magana take zama. Faɗaɗa sauti yana ƙara wa bambancin hagu da dama ƙarfi ne, sai gefe ya cika, tsakiya ta rame. A iyafis kuma wayar tana jinkirta sautin kunne ɗaya kaɗan, ta sauya kaifinsa, ta ƙara ɗan amsa-kuwwa, don ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga cikin ɗaki yake zuwa. Fim da aka haɗa don haka yana daɗi, ban musa ba. Amma karatun da aka ɗauka da makirufo ɗaya a zaure, me za a faɗaɗa a ciki? Zauren da amonsa, waya ta ɗora wani a kai, haruffa su cakuɗe.

Za a ce ai kamfani ne ya sa, sun fi mu sani. Kamfani bai san me kake saurare ba. Wayar da sifikarta ɗaya ce ba ta da hagu da dama, mai biyun ma tazararsu ba ta kai taƙi ɗaya ba, kuma sai ka riƙe ta a kwance daidai fuskarka dabarar take aiki. Baba a aljihun riga yake sa tasa.

Magana ce, tafsiri, labarai, saƙon murya? Kashe Dolby Atmos. Iyafis ɗaya ka sa a kunne? Kashe shi, ka kunna Mono audio a Accessibility don kada rabin sautin ya ɓace. A Tecno da Infinix galibi DTS za ka nema a maimakon Dolby Atmos. Gwajin ba wuya: minti ɗaya na karatu guda, a kunne sannan a kashe. In "s" da "sh" sun fi fita bayan ka kashe, ka gama.

Kuma don Allah masu gyara, ku riƙa duba ragar sifika kafin ku kwance waya. Ƙurar hunturun Katsina kaɗai ta isa ta toshe ta, busasshen burushin haƙori mai laushi ya isa. Ta Baba ma sai da na share mata.